Inda Abokina Ya Naɗe Bishiyar Harsuna

Da Fulatanci na buɗe baki a duniya, a wata ruga da ke bayan Lafani. Hausa kuwa a bakin kasuwa na tsince ta, ina biye da mahaifiyata tana tallan nono, har na zo na iya ta yadda ba mai raba ni da ɗan gari sai wanda ya san gidanmu. Da aka sa ni makarantar boko a Illela, rugarmu ta yi nisa da zuwa kullum, sai mahaifina ya damƙa ni amana a gidan wani attajiri mai fataucin wake da albasa tsakanin nan da Ƙwanni. Ɗan attajirin nan sa'ana ne. Ɗaki ɗaya muka kwana, kwano ɗaya muka ci, mahaifiyarsa Inna nake kiranta kamar yadda yake kira. Shi yana ce mini Bahillace, yadda mutanenmu na Sakkwato ke kiran Bafulatani, ni kuma in ce masa Kaɗo, yadda Fulani ke kiran Bahaushe, mu yi dariya. Ban taɓa jin zafi a cikin kalmar ba.

Tare muka tafi kwaleji a birni, dukanmu muka ɗauki Hausa. A can muka fara gamuwa da bishiyar harsuna. Malamin da ke koyar da darasin ya zana ta a allo cikin hanzari, gindi da rassa da sunaye, ya ce za ta fito a jarrabawa, ya fita. Abokina ya daɗe yana kallon allon.

"Bahillace, mi na na kuma? Itace munka zo karantawa?"

Ni abin ya kama hankalina tun ranar, wataƙila don ina da harshe biyu a baki kuma ban taɓa sanin ko akwai abin da ya haɗa su ba. Na yi ta karatu a kai, sannan na zauna da shi a ƙarƙashin wani darbejiya bayan ɗakin kwananmu ina yi masa bayani, yau da gobe, har ya shige shi.

Na ce masa zanen nan asalin harsuna yake nunawa. In ka ga rassa biyu sun fito daga maraba ɗaya, ma'anarsa a dā harshe ɗaya ne, masu shi suka rarrabu, bakin kowane ɓangare ya yi ta sauyawa har suka daina jin juna. Na ce in yana son sanin kusancin harsuna biyu, kada ya dubi inda sunayensu suke a takarda. Ya ɗora yatsa a kan kowanne, ya bi reshen ya gangara har yatsun su haɗu. In sun haɗu da wuri, a sama, rabuwar ba ta daɗe sosai ba. In sai an kai gindi, zumuncin na nesa ne. Dama da hagu kuwa zaɓin mai zane ne, kana iya juya kowane reshe a kan marabarsa, sunayen su sauya maƙwabta, ma'anar tana nan yadda take.

Ya ce to ai Hausa daga Larabci ta fito, kowa ya sani, ga littafi, ga alƙalami, ga alƙali.

Na ce waɗannan aro ne, addini da karatu da fatauci suka kawo su, kamar yadda sefa, sunan kuɗin Nijar, ta shigo bakinmu daga ƙetaren iyaka. Ba da kayan aro ake gane dangi ba. Ana duba kalmomin da ba a cika ara ba, da ƙirar nahawu, a ga suna dacewa bisa tsari a wurare da yawa. Hausa da Larabci dangi ne, amma can a gindi suka haɗu, babu wanda ya haifi wani. Alamomin ma ƙanana ne: ka da ki na namiji da mace, ta ɗin nan da ke nuna mace, kalmar mutu da Balarabe ke furtawa "mata", har "mi" ɗinmu ta tambaya da "ma" ta Larabawa. Na ce makusantan Hausa suna cikin reshen Cadi: Gwandara da farko, sannan irin su Bolanci da Angas da Karekare.

Akwai wani ɗan ajinmu Babole. Muka kira shi muka ce ya yi mana ƙirga. Da ya kai huɗu ya ce poɗɗo, abokina ya buga cinya, ya ce wallahi ɗan'uwa ne. Muna nan zaune sai aka kira Babolen a waya daga gida, ya yi ta zuba zance da harshensu, mu biyu ba wanda ya tsinci komai sai sallama da sunan Allah. Na ce wa abokina ka gani, kusancin reshe ba ya nufin za ku ji juna.

"To Hillanci hwa?" ya tambaya. Fulatanci ke nan a bakinmu.

Na ce bishiyarsa daban ce ɗungum, Nijar-Kongo, danginsa na kusa suna can Senegal. Sannan na faɗa masa abin da na fi so ya riƙe. Na ce zanen na harsuna ne, ba ya faɗin jinin kowa. Mutum yana barin harshen kakansa ya ɗauki na maƙwabci, ana auratayya, ana ƙaura. Fulani nawa ne a Sakkwato da ba su iya ko gaisuwa da Fulatanci ba? Kuma abin da zaman tare ya haifar, zanen ba shi da layin da zai nuna shi. Kawu da gwaggo da baffa da Bahaushe ke kiran danginsa da su, daga bakin Fulani suka shigo.

Tambayar ta fito a jarrabawa, kusan yadda muka yi ta. Ya ci, har ya fi ni maki, don hannunsa ya fi nawa kyau kuma ya iya tsara amsa. Ya sayo mana tsire muka ci.

Muka dawo gida aka ɗauke mu koyarwa, ni a wata sakandare cikin Illela, shi a wata ta wajen Araba. Kowa ya yi aure. Ni na riƙe masa ɗan farinsa ranar suna. Don ɗalibaina na samu babban farin kwali na zana bishiyoyin da hannuna. A tsakiya ta Afro-Asiya, da rassanta, na Cadi da na Semitik da na Buzaye da sauransu. Saboda ƙarancin wuri reshen Semitik ya zo kusa da na Cadi, Larabci a bakin nasa, Hausa a bakin nata, sunayen biyu har suna kusan taɓa juna. Ta ɗaya gefen Hausa na jera Gwandara da Bolanci da Angas da Karekare, suka tafi har ƙarshen kwalin. Can ta wancan ɓangaren na yi ƙaramar bishiya ta Nijar-Kongo, da Fulatanci da Yarbanci da Ibo a rassanta daban-daban. A ƙasa na rubuta da jan alƙalami cewa wannan zane asalin harsuna yake nunawa, ba asalin mutane ba. Ina son kwalin nan, don har da gangan nake amfani da maƙwabtakar Hausa da Larabci in gwada yara, in ga wa zai bi reshe wa zai tsaya a ido.

Shekaru suka tafi, sai zamani ya lalace. 'Yan bindiga suka fara addabar ƙauyuka ta gabas da mu, ana kwashe shanu, ana ɗauke mutane. Namu ma an kwashe, garken yayana rabi ya tafi. Amma a gari maganar ta koma ta ƙabila. Ranar Lahadi in yayana ya kawo dabba kasuwa, sai ya ga wanda suka shekara suna ciniki yana amsa gaisuwarsa a taƙaice. Ni ban ji abin sosai a jikina ba, ina da aiki, ina da gida a gari, ina da abokina.

A cikin wannan hali shugaban ƙungiyarmu ta malaman Hausa na yankin ya yi ritaya. Ba wani babban muƙami ba ne. Shugaba yana kiran taro, yana jagorantar tsara jarrabawar bai ɗaya ta makarantunmu, shi ake turawa in an kira bita a birni. Tsohon da zai sauka ya nuna yana so ni in gaje shi. Abokina ya zo gidana da kansa bayan la'asar, ya ce shi zai tsayar da ni.

"Wa ya hi ka cancanta? Ni zan miƙe in kira sunanka, ka bar min wanga aiki."

Da zai tafi sai ya ce in ara masa kwalin nan, ya kai wurin darasin a ajinsa kuma ba ya da lokacin zana nasa. Na kai shi makaranta, na ciro kwalin daga bango, na naɗe na ɗaure masa da zare, ya ɗora a bayan babur.

Ranar zaɓe muka taru a wani aji na makarantarmu, malamai maza da mata, wasu daga Amarawa, wasu daga ƙauyukan bakin iyaka. Aka buɗe da addu'a. Tsohon shugaba ya yi bankwana, ya ce a kawo sunaye. Wata malama ta riga kowa ta kira sunana. Sai wani daga baya ya kira sunan abokina. Na juya ina murmushi, ina jiran ya ce ya janye. Ya miƙe, ya gyara hula, ya ce kafin a kaɗa ƙuri'a yana da ɗan bayani na ilimi. Ya sunkuya ƙarƙashin benci ya ciro kwalina.

Ya manna shi a allo, amma ba duka ba. Gefen da Gwandara da Bolanci da Angas suke ya naɗe shi baya, daidai bayan kalmar Hausa. Ƙasan ma ya naɗe, inda jan rubutun yake. Abin da ya rage a fili shi ne Hausa kafaɗa da kafaɗa da Larabci, sai can nesa, bayan wani farin fili, Fulatanci tare da Yarbanci da Ibo.

"Jama'a, ba ni niz zana wanga ba," ya ce. "Ɗan'uwana na ya zana shi da hannunai, ga shi nan zaune. Ku duba da idonku. Ga Hausa, ga Larabci, uwa ɗaya uba ɗaya. Ku duba inda Hillanci yake, ku ga su wa ag gare shi. Ilimi ya nuna asalinmu daban, nasu daban. Ni ban da ƙiyayya da kowa. Amma ƙungiyar ga ta masu halshe ta. A wanga lokaci da muke ciki, ya kamata a ba mai abu abinai."

Kujerar ba ta zo mini a rai ba a lokacin. Bakin kwalin nake kallo, inda ya bi da farce ya kwantar da naɗin sumul. Wannan ba aikin gaggawa ba ne, a gida ya zauna ya yi shi.

Na miƙe na ce a ba ni dama. Tsohon shugaba ya ce bismilla. Na je gaban allo na sa hannu zan warware naɗin, abokina ya dafe gefen da tafinsa.

"Bari dai, Malam, kowa ya gani."

Malam, haka ya kira ni. Tun muna yara bai taɓa kirana haka ba. Na ce kwalina ne, ya ɗauke hannu. Ya ɗauke. Na warware gefen, na warware ƙasan. Na ɗora yatsa ɗaya a kan Hausa, ɗaya a kan Larabci, na gangara da su a hankali, kowa yana gani, ba su haɗu ba sai a gindi. Na sake ɗora ɗaya a Hausa ɗaya a Angas, suka haɗu tun a cikin reshen Cadi. Na ce in da kusancin reshe ne ke ba da shugabanci, da sai mu aika Filato, ƙasar Angas, a kawo mana shugaba. Wasu suka yi dariya. Na ce da na zana harshen Somali, da ke wani reshen bishiyar, a inda Larabci yake, da zanen bai sauya ma'ana ba ko kaɗan, ni na zaɓi wurin don kwalin ya ishe ni. Na karanta musu jan rubutun da ƙarfi. Na ce gaskiya ne Fulatanci ba dangin Hausa ba ne a asali, ban taɓa ɓoye wa ɗalibi wannan ba. Amma zanen bai ce komai a kan jinin kowa a ɗakin nan ba, kuma bai ce wane ya fi wane iya Hausa ko koyar da ita ba.

Wani malami daga baya, wanda ya kira sunan abokina, ya ce, "To amma ka yarda dai itacenku daban na?"

Na ce na harshen, i.

"Shi ke nan, ai kai ka hwaɗi."

Akwai abin da ya zo mini har bakin harshe. Kakar abokina ta wajen uba Bazabarma ce, daga can yammacin Nijar aka auro ta. Na same ta da rai, in ta fusata da mu da Zabarmanci take faɗa, kuma Zabarmanci ba ya kan waccan bishiya da yake taƙama da ita. Da na faɗa da na gama da shi. Amma tsohuwar nan ita ke ɓoye mini ƙanzo in na makara a makaranta, ban ga yadda zan ɗauko ta daga kabari in kafa ta shaida a gaban mutane ba, kamar asalinta abin kunya ne. Na dube shi, ya san abin da nake tunani, ya sunkuyar da kai yana gyara agogo. Na koma na zauna.

Aka ɗaga hannu. Ya ci, ba da rata mai yawa ba, amma ya ci. Abin da ya ƙara mini ciwo, duk wanda ke ɗakin nan ya yi darasin da muka yi, ko da sama-sama. Malamar da ta kira sunana ta same ni a waje tana share ido da bakin mayafi. Ta ce, "Malam, sun gane bayaninka sarai. Dalili suke nema, ya ba su."

Abin bai tsaya a ɗakin ba. Ashe wani ya ɗauki hoton kwalin tun yana naɗe, ya ɗauki muryar abokina, aka saka a Watsaf. Bayanina ba wanda ya ɗauka. Kafin mako ya zagayo hoton ya shiga wayoyin 'yan kasuwa da direbobi, da rubutu a ƙasa wai masana sun tabbatar. Hannuna ne a jiki, duk ɗalibin da ya taɓa zama ajina ya san yadda nake lanƙwasa harafin H. Wani mai sayar da taya da muke sallah sahu ɗaya ya tare ni a ƙofar masallaci ya nuna mini, ba da mugunta ba, ya ce ashe mu da Larabawa jini ɗaya ne. Na fara yi masa bayani, aka tayar da iƙama.

Yayana ma an nuna masa a kasuwar shanu. Bai yi boko ba, amma ya gane an ce daga hannuna abin ya fito. Ya biyo ta gidana, bai ko zauna ba. Da Fulatanci ya tambaye ni ko gaskiya ne ni na rubuta cewa mu ba mutanen nan ba ne. Na ce ban rubuta haka ba, na ɗauko kwalin na shimfiɗa masa a tabarma, na nuna masa inda aka naɗe. Ya daɗe yana kallon layin naɗin. Sannan ya tambayi wanda ya yi. Da na faɗa masa sai ya ɗauki sandarsa. A bakin ƙofa ya ce mahaifinmu ya taɓa ba gidan attajirin karsana kyauta, shekarar da aka kai ni. Ban san da wannan ba sai ranar.

A aji kuma yara suka fara kallona wani iri. Wata ɗaliba mai ƙoƙari ta ɗaga hannu ta ce an ce a gidansu wai Malam da kansa ya yarda shi ba ɗan'uwanmu ba ne. Na ajiye darasin ranar, na sa kowa ya fito ɗaya bayan ɗaya ya bi rassa da yatsa. Suka gane, yara ba su da wuyar ganewa. Amma ina yi ina jin kamar wanki nake a gaban jama'a.

Na yi kwanaki ina jiran ya zo. Bai zo ba, sai ni na tafi. Na same shi da hantsi a rumfar mahaifinsa, yana zaune kan buhun wake yana duba waya. Ya tashi da fara'a, ya sa a kawo mini ruwa. Na ce ba zama ya kawo ni ba, tambaya ɗaya ce. Na ce ya manta abin da muka yi a ƙarƙashin darbejiya ne, ko kuwa yana sane?

Ya yi 'yar dariya. "Haba, Bahillace. Siyasa ta hwa. Kowa da makaminai."

Na ce to me ya sa bai ce mini yana son kujerar ba? Da ya faɗa da na bar masa, ya san da haka.

"Da ka bar min, sai a ce kai kab ba ni. Tun muna yara haka ake hwaɗi, Bahillace na ka ja nai. Ko Baba haka yake cewa." Ya ajiye wayar a kan buhu. "Kuma ni ban yi ƙarya ba. Hausa da Larabci ba dangi na ba? Hillanci ba daban yake ba?"

Na ce duk gaskiya ne, shi ya sa sai da ya naɗe kwalin kafin ya faɗa.

Na ce masa yayana yana shiga kasuwa yanzu da hoton kwalina a wayar mutanen da ke zarginsa da satar shanun da shi aka sata wa. Na roƙe shi abu ɗaya, ya yi wani saƙon bidiyo, ya buɗe kwalin duka, ya faɗi abin da ya rubuta a takardar jarrabawa. Ya ce zai duba, sai ƙura ta lafa, yanzu in ya yi za a ce ya yi amai ya lashe. Har yau bai yi ba.

Inna ta aiko a kira ni. Na je na durƙusa a ƙofar ɗakinta kamar kullum. Ta tsufa ƙwarai, ba ta gane zancen bishiya ba, abin da ta ji shi ne 'ya'yanta biyu sun ɓata a kan kujera. Ta ce in yi haƙuri, ni ne babba a hankali, harshe da haƙori ma suna saɓawa. Na ce to, Inna. Ban iya gaya mata abin da ɗanta ya ce a kaina ba, don in na faɗa sai ta zaɓa tsakaninmu, kuma na san wanda za ta zaɓa, ban kuma ga laifinta ba. Ta sa aka zubo mini tuwo, na ci kaɗan don kada ta ji wani abu.

A ƙarshen shekarar na nemi a mayar da ni Amarawa, aka yarda. Ban fita daga ƙungiyar ba, ina biyan abin da ake biya, amma na daina zuwa taro. Yayana kuwa ya kwashe sauran shanunsa ya ƙetara iyaka wurin dangin matarsa. Ba zan ɗora wa abokina wannan ba, ɓarayi ne suka kore shi, amma ya tafi bai je ya yi wa gidan attajirin sallama ba, abin da mahaifinmu ba zai taɓa yi ba.

Bayan kamar shekara biyu, wata ranar aiki ina fitowa daga aji, na ga babur ɗinsa a gindin bishiyar bedi. Ya yi ƙiba. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Sannan ya ce an shirya wa sababbin malamai bita, an ba ƙungiya darasin rabe-raben harsuna, ya duba duk yankin bai ga wanda zai yi shi kamar ni ba.

"Kai ka san abin ga ciki da bai. Ni wallahi in na hwara sai in rikice."

Na dube shi ko zan ga alamar ya san nauyin abin da yake faɗa. Fuskarsa a sake take, kamar ranar da ya zo aron kwali. Na ce ba ya rikicewa, ban taɓa ganin ya rikice a kai ba. Na ce in yana so in zo, ya fara tsayawa gaban malaman nan ya faɗi abin da ya yi a ranar zaɓe, sannan ya miƙo mini alli.

"Har yanzu kana nan wurin? Abu ya wuce, Bahillace."

Na ce ya daina kirana haka. Aka buga ƙararrawa, na ce ina da aji, Allah ya kiyaye hanya. Na ji daga baya shi ya gabatar da darasin da kansa, kuma malamar nan da ta halarta ta ce mini bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Yanzu in mun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure mukan yi musabaha, ya ce Malam, in ce Malam. Ina zuwa gaida Inna ranar Juma'a, a lokacin da na san yana makaranta. 'Ya'yanmu suna gaisawa a hanya, ban hana nawa ba. Ɗansa na fari ya shiga kwaleji bana, ya aiko mini saƙo wai Hausa ya ɗauka, in sa masa albarka. Na sa masa.